Firiza Ɗaya, Kwamfireso Uku: Abin Da Takardar Mai Gyaran Wuta Ta Bankaɗo

Duk mai shagon da ya sa wa firizarsa kwamfireso har sau uku cikin wata goma, zarginsa ba ya wuce abu biyu: ko dai kayan kasuwa ne suka koma jabu, ko kuwa mai gyaran ne yake cin amanarsa. Duka biyun suna faruwa, babu mai musu. Sai dai kwamfireso inji ne mai jimiri ƙwarai. A gidaje da yawa akwai firij ɗin da ya haura shekara goma sha biyar yana aiki ba a taɓa kwance masa ko ƙusa ɗaya ba. Idan kuwa aka ga guda uku sun mutu a jere, a wuri ɗaya, a jikin firiza ɗaya, to akwai abin da yake kashe su, kuma yana nan yana jiran na huɗu.

Wani mai shagon sayar da ruwan leda da lemo da ƙanƙara a Kano ya shiga wannan hali. Firiza biyu gare shi, iri ɗaya, rana ɗaya ya saye su. Ɗaya tana gaban shago kusa da mitar wuta, ba ta taɓa ko tari ba. Ɗayar tana can sito a baya, ita ce mai cin kwamfireso. Na asali ya yi shekara biyu ya ƙone, na biyu ya yi wata takwas, na uku ko wata biyu bai cika ba. Da abin ya ishe shi, sai wani maƙwabcinsa ya ba shi shawara ya bar kiran mai gyaran firij tukuna, ya kira mai gyaran wuta ya auna masa wutar shagon. Mutumin ya zo sau biyu a rana ɗaya, ya rubuta abin da ya gani a rabin takarda, ya miƙa masa. Ga abin da takardar ta ce:

"Assalamu alaikum Alhaji. Bayan gaisuwa, na duba firizar sito sau biyu, da hantsi da kuma bayan isha'i. Kwamfireson ya ƙone, kwayil ɗinsa yana taɓa jiki, ba ya gyaruwa. Amma ba daga shi matsalar ta faro ba.

"Da hantsi wuta bolt 214 ce a mita, 209 a soket ɗin sito. Da dare 192 a mita, 185 a soket. Na sa yara sun turo firizar gaba zuwa sito na jona ta don gwaji. Lokacin tashi wutar tana faɗowa zuwa 165, tana jan amfiya 8, sai a yunƙuri na uku ta tashi. Wayar da ta je sito siririya ce, mai lamba 1, tsawonta ya kai mita 30, kuma firij ɗin lemo da fanka da ƙwayaye duk a kanta suke. Soket ɗin ya babbake daga ciki. Babu wayar ƙasa. An cire obalod ɗin kwamfireson an haɗa waya kai tsaye. In an ɗauke wuta, yaronka yana juyawa janareto nan take ba ya jira. Firizar tana manne da bango, an jibga katan a jikinta.

"Shawarata, kada a sa sabon kwamfireso sai an ja wa firizar wayarta ita kaɗai mai lamba 2.5 tare da wayar ƙasa, an canza soket, an sa mata sitabilaiza mai jinkirin minti uku wadda ba ta gaza 2000VA ba. Man da ya fito daga tsohon kwamfireson baƙi ne, yana wari. Wannan ba fannina ba ne, a sa mai gyaran firij ya wanke bututu ya canza diraya kafin ya zuba gas. Na gode, Allah ya ƙara buɗi."

Shi ke nan takardar. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ce kaya jabu ne ba. Abin da ya ba ta daraja shi ne kusan kowace jimla a cikinta tana da awo a bayanta, ko wani abu da Alhaji zai iya zuwa ya gani da idonsa. Bari mu bi ta a hankali.

Sakan ɗaya na tashi

Kwamfireso shi ne baƙin tulun ƙarfen nan da ke ƙasan firiza ta baya. A cikinsa akwai injin lantarki da ɗan fistin da ke matsa gas, yana tura shi cikin bututu. Gas ɗin ya kwaso zafi daga cikin firiza ya zubar a waje, haka sanyi yake samuwa. Idan ya riga ya tashi yana juyawa, wutar da yake ci ba ta da yawa. Firiza matsakaiciya irin ta shago takan ja amfiya ɗaya da 'yan kai. Wahalar duk a tashi take. Wanda ya taɓa tura kurar ruwa cike da jarkoki ya san cewa motsa ta daga tsaye shi ne aikin, in ta fara gangarawa hannu ɗaya ma ya isa. A wannan sakan ɗaya na tashi, kwamfireso yana jan wuta ninki biyar zuwa takwas na abin da yake ja in yana tafiya. A jikin wasu ma an rubuta wannan adadi bayan haruffan LRA, wato yawan wutar da yake zuƙa muddin injin bai fara juyawa ba.

Idan wuta ta cika, kafin ƙiftawa da bismilla ya tashi, jan wutar ya sauka, kwayil bai ko ɗumama ba. Idan wuta ta yi ƙasa, labari ya canza. An ƙera waɗannan injuna ne a kan bolt 220 zuwa 240, kamar yadda ake gani a takardar da ke manne a jikinsu, kuma galibinsu suna iya haƙuri har zuwa wajen 190 ko 200. Ƙasa da haka ƙarfin tashi yana zubewa da sauri, domin ba daidai da raguwar wutar yake raguwa ba, ya fi ta gudu. Lissafin masu wuta shi ne a ninka kason wutar da ya rage da kansa. Bolt 165 kusan kashi 72 ne cikin ɗari na 230. A ninka 0.72 da 0.72, a samu 0.52. Wato wutar da ta ragu da kashi 28 kacal ta bar kwamfireson sito da rabin ƙarfinsa na tashi.

Da rabin ƙarfi ba ya iya ture fistin. Sai ya tsaya cak yana gurnani, yana zuƙar amfiya takwas ɗin nan, kuma tun da babu juyawa, wutar duk zafi take komawa a cikin kwayil. Bayan 'yan daƙiƙu sai a ji "ƙas". Wannan ƙarar obalod ce, ɗan abu mai kama da marfin kwalba da ke manne a gefen kwamfireso, wanda aikinsa shi ne katse wuta idan zafi ko jan wuta ya wuce kima. Ya huce cikin minti ɗaya ko biyu, ya sake haɗawa, kwamfireso ya sake gurnani, a sake jin "ƙas". Duk mai shago ya san wannan ƙara, sai dai yawanci ana ɗaukarta kamar tarin firiza ne na yau da kullum. Alhali kowane zagaye yana gasa siririn fentin banish da ke lulluɓe da wayar kwayil. Masu ilimin injin lantarki suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi, cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 a kan abin da aka ƙayyade yana rage rabin rayuwar wannan fenti. Ranar da ya tsage, waya ta taɓa 'yar'uwarta ko ta taɓa jikin ƙarfe, ranar ce ake cewa kwamfireso ya ƙone. Amma ƙonewar ta fara ne tun watanni da suka wuce.

Shi ya sa mai gyaran wutar ya dawo bayan isha'i. Da a ce da hantsi kaɗai ya auna, zai ga 209, ya ce wuta lafiya lau, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da dare ne kowa a unguwa yake kunna fanka da talabijin da hita, taransifoma ta ɗauki kaya, wuta ta yi ƙasa. Kuma bai tsaya ga auna soket ba tare da komai a jikinsa ba. Ya auna shi a daidai lokacin da inji yake yunƙurin tashi, domin wannan shi ne adadin da kwamfireso yake gani. A ganina wannan kaɗai ya isa a bambance wanda ya san aikinsa da wanda ya zo ya dangwala abin gwaji a soket, ya ga ɗan haske ya kama, ya ce akwai wuta.

To ina bolt 27 ɗin da ke tsakanin 192 na mita da 165 na sito suka tafi? Mafi yawansu a cikin wayar shagon suka salwanta. Kowace waya tana cin wani abu daga wutar da ke ratsa ta, kuma iya sirantarta da tsawonta, iya abin da take ci. Wayar tagulla mai lamba 1 tana zubar da kusan bolt 0.044 a kowace mita a kan kowace amfiya. A tsawon mita 30, hakan ya zama bolt 1.3 a kan kowace amfiya. Da dare firij ɗin lemo da fanka da ƙwayaye suna jan wajen amfiya 5, ga bolt 7 sun tafi, shi ne 192 ya koma 185. Kwamfireso ya zo tashi ya ƙara amfiya 8, ga wasu bolt 11 sun bi su. Ita kanta wutar gari tana ɗan durƙusawa idan aka ja ta da ƙarfi, a nan wajen bolt 5. Sauran kuma babbakakken soket ne ya cinye, shi ya sa filogin yake zafi in an taɓa.

Nan ne firizar gaba ta zama shaida. Wutar gari ɗaya suke sha da ta sito, amma ita tana kusa da mita, don haka lokacin tashi tana samun wajen 187. Da ƙyar ne, amma tana tashi. Da aka turo ta sito aka jona, nan take ta fara gurnani da "ƙas" irin na 'yar'uwarta. Alhaji yana tsaye aka yi wannan gwaji, daga nan bai sake maganar kayan jabu ba.

Waya mai lamba 2.5 tana zubar da bolt 0.018 ne kawai a kowace mita a kan kowace amfiya. Idan firizar ce kaɗai a kanta, abin da za ta rasa lokacin tashi bai fi bolt 5 ba. Sai dai a kula wajen saye, domin kasuwa cike take da wayar da cikinta sanholo ne aka shafa mata ruwan tagulla. A kankare bakinta da wuƙa, in fari ya fito a bar ta, domin tana cin wuta fiye da ta tagulla mai kauri ɗaya da ita.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a sayi sitabilaiza kawai a huta ba? Saboda sitabilaiza ba ta ƙirƙirar wuta. Tana ɗaga bolt ne ta hanyar jan ƙarin amfiya daga baya, kuma ƙarin amfiya a kan siririyar waya yana nufin ƙarin zubewa. A ɗora ta a ƙarshen wayar nan ta sito, sai ta riƙa ƙas-ƙas ita ma, tana kashe kanta. Waya ce farko, sannan sitabilaiza. Girmanta ma da dalili: inji mai jan amfiya 9 ko 10 lokacin tashi a kan bolt 220 yana neman wajen 2000VA a wannan sakan ɗin, kuma sitabilaiza ba ta ba da cikakken abin da aka rubuta a jikinta idan wutar da ke shigar mata ta yi ƙasa sosai. 'Yar ƙaramar da ake saya don talabijin ba ta wannan aiki ba ce.

Minti uku da yaron shago ba ya jira

Abu na biyu a takardar ba ya bukatar ko sisi, amma ya fi wuyar gyaruwa, domin hali ne. An ɗauke wuta, yaro ya ja janareto, ya buga canjoba, duk cikin rabin minti. An dawo da wuta, ya sake bugawa nan take. A wurinsa himma ce, kada ƙanƙara ta narke.

Lokacin da kwamfireso yake aiki, gas ɗin da ke gefen fitarsa a matse yake sosai, na gefen shigarsa kuma sako-sako. Idan ya tsaya, sai gas ɗin ya riƙa silalewa ta wani siririn bututu da ake kira kafilari har ɓangarorin biyu su daidaita, kuma wannan yana ɗaukar mintuna. Ƙananan kwamfiresoshin firiza an yi su ne su tashi bayan an daidaita. In aka ba su wuta kafin nan, fistin zai tarar da matsi a gabansa, ya kasa motsi, ko da wutar ta cika. Ga kuma rile, ɗan akwatin roba da ke ba kwayil ɗin tashi wuta na ɗan lokaci. Yawancin na yanzu suna da wani ɗan faifai a ciki mai kamar ƙwayar magani, wanda yake zafi ya toshe hanya da zarar inji ya tashi. Shi ma sai ya huce na wasu mintuna kafin ya sake buɗe hanya. In bai huce ba, kwayil ɗin tashi ba zai samu wuta ba sam. Sakamakon dai ɗaya ne, gurnani da "ƙas".

A unguwar da ake wasa da wuta, a kawo a ɗauke sau da yawa a yini, wannan yana faruwa ko babu janareto. Shi ya sa aka ce sitabilaiza mai jinkiri. A jikin da yawa daga cikinsu akwai maɓalli da aka rubuta DELAY, wanda in an danna shi sai ta riƙe wuta na minti biyu ko uku bayan an kawo kafin ta saki. Abin takaici, mutane da yawa kashe shi suke yi, wai yana ɓata lokaci. Firizar da ke rufe tana riƙe sanyinta na sa'o'i, minti uku ba ya narkar da komai. Janareto kuma a bar shi ya daidaita kafin a ɗora masa kaya, kuma kada a ɗora firiza biyu lokaci ɗaya. A kunna ɗaya, a ji ta tashi, sannan ɗayar. Janareton da ke shaƙewa kamar zai mutu duk lokacin da firiza ta zo tashi ya yi mata kaɗan.

Sai maganar obalod da aka cire, wadda ita ce ta bayyana dalilin da kwamfireso na uku bai kai wata biyu ba. Wanda ya sa shi ya ga yana yawan yankewa, Alhaji kuma yana ta kiran waya cewa kaya ba sa sanyi, sai ya yanke shawarar obalod ɗin ne ya lalace, ya cire shi ya haɗa wayoyin kai tsaye. Obalod ɗin kuwa lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi. Da aka cire shi, daren farko da wuta ta yi ƙasa sosai inji ya kasa tashi, babu mai katse masa wuta, ya yi ta zuƙa har ya dahu. Kuma tun da babu wayar ƙasa a soket ɗin, kwayil ɗin da ya taɓa jiki yana iya sa gangar jikin firizar ta ɗauki wuta. A sito mai jiƙaƙƙen daɓe, inda yara ke shiga ba takalmi, wannan ya wuce maganar asarar kuɗi.

Ta yaya mai gyaran ya tabbatar kwamfireson ya mutu? A gefensa akwai ƙusoshi uku da ake kira C da S da R. A mai lafiya, in an auna tsakanin C da R aka samu misali om 12, tsakanin C da S aka samu 18, to tsakanin R da S dole a samu jimlarsu, wato 30, kuma tsakanin kowace ƙusa da jikin ƙarfe kada a samu komai. A na Alhaji, C da R sun ba da 4, kuma na'urar awo ta nuna hanya tsakanin ƙusa da jiki. Yana da kyau mai shago ya nemi a yi wannan awo a gabansa, domin ba kowane gurnani ne mutuwa ba. Sau da yawa rile ne kaɗai ya fashe. A ciro shi a girgiza kusa da kunne, in aka ji kamar tsakuwa a ciki to faifan ya farfashe, kuma kuɗinsa ɗan kaɗan ne a kan na kwamfireso. Kwamfiresoshi masu rai da yawa sun tafi hannun 'yan gwangwan saboda ba a duba wannan ba.

Zafi, da kayan da suka fi ƙarfinta

Jimla ɗaya kawai takardar ta yi a kan bango da katan, amma akwai magana a ciki. Yawancin firizoji masu murfi a sama ba su da ragar baya irin ta tsohon firij. Bututun da ke zubar da zafi a cikin bangon jikinsu aka binne shi, shi ya sa gefensu yake ɗumi in suna aiki. Wanda ya manna ta da bango, ya jingina katan ɗin lemo a gefenta, ya shimfiɗa buhu a kai wai don ta riƙe sanyi, ya toshe mata hanyar fitar da zafi. Matsin gas ya hau, kwamfireso ya ƙara jan wuta, ya ƙara zafi. Tazarar santimita 10 ko fiye ta kowane gefe ake so. Masu fanka da raga a ƙasa kuma, ƙurar hunturu tana toshe ragar, sai an riƙa share ta da buroshi.

A duba takardar da ke manne a bayan firiza, akwai harafin da ke nuna zafin da aka ƙera ta ta jure. N yana nufin har digiri 32, ST har 38, T har 43. Wasu daga cikin na hannu da ake shigowa da su daga Turai N ne ko SN, duka iyakarsu 32. Sito mai rufin kwano ba sili, ba taga, a Kano cikin watan Afrilu, ya wuce wannan nesa ba kusa ba.

A wannan takarda kuma akan rubuta nauyin kayan da firiza za ta iya daskararwa cikin awa 24. A ta Alhaji kilo 16 ne. Jakar ruwan leda ɗaya mai ƙwaya 20, kowace rabin lita, kilo 10 ce. Yaransa suna zuba jaka shida da yamma, wato kilo 60 na ruwan da ya wuni a rana, aikin kusan kwana huɗu ke nan, ana so ta gama kafin safe. Inji ba zai huta ba ko na minti ɗaya. Firizar gida an yi ta ne don ajiye abin da ya riga ya daskare da ɗan ƙari a kai. Mai son sana'ar ƙanƙara da gaske, injin ƙanƙara zai nema, ko ya rage lodi ya riƙa zubawa kashi-kashi.

Inda mai wuta ya tsaya

Abin da ya fi burge ni a takardar shi ne inda ya ce wannan ba fanninsa ba ne. Ya ga baƙin mai, ya ji wari, ya faɗa, ya miƙa aikin ga mai shi. Kuma abin da ya hango gaskiya ne. Idan kwayil ya ƙone a cikin tulun, man da gas ɗin suna lalacewa su haifar da asid da dauɗa, su bazu cikin bututu gaba ɗaya. A yanke tsohon kwamfireso a liƙa sabo a kan wannan bututu, asid ɗin zai dawo ya fara cin fentin sabon kwayil tun ranar farko, dauɗar kuma ta toshe kafilari. Wataƙila wannan yana cikin abin da ya sa na biyu bai kai ko rabin kwanan na farko ba.

Aikin da ya dace sananne ne a wurin ƙwararrun masu gyaran firij. A wanke bututu a busa shi da iskar naitirojin. A canza diraya, wato ɗan bututun tagullar nan mai kaurin yatsa da ke tsotse danshi, duk lokacin da aka buɗe layin gas. A zuƙe iska da danshi da injin bakum na gaske, ba a kunna sabon kwamfireson a ce shi zai fitar da iskar da kansa ba. Sannan a zuba gas da sikeli, daidai giram ɗin da aka rubuta a bayan firiza, ba da kunne ko taɓa bututu ba. Irin gas ɗin ma a kula. Akwai R134a, akwai R600a, kuma kowanne da irin kwamfiresonsa, ba a musanya su. Man da ke cikin na R134a yana shan danshi da sauri, don haka ba a barin bakinsa a buɗe yana jiran a dawo daga kasuwa. Shi kuwa R600a yana kama wuta, kuma 'yan giram kaɗan ake zubawa, yawanci ƙasa da 100 a firizar gida, ta yadda ɗan ƙari ko ragi yana canza aikinta. Mai gyaran da ya zo ba sikeli ba injin bakum, da tukunyar gas da abin walda kawai, a ba shi haƙuri.

Alhaji ya so ya fara da sayen kwamfireso, sauran a yi a hankali in kasuwa ta buɗe. Mai gyaran wutar ya ce masa, "Ranka ya daɗe, in kuɗin bai kai duka ba, a ja wayar yau, firizar ta ƙara sati a kashe. In aka juya tsarin, kuɗin kwamfireson ne zai ƙone." Haka aka yi. Bayan an ja waya an sa sitabilaiza, mai firij ya yi nasa aikin, sai aka sake awo bayan isha'i. Sitabilaizar tana fitar da wajen 220, inji ya tashi a yunƙurin farko, ya zauna a kan amfiya 1.3.

Mai karatu da ke da firiza a shago, yau da dare bayan an kawo wuta ka tsaya kusa da ita na minti goma. In ƙwan shago yana dusashewa sosai duk lokacin da za ta tashi, ko ka ji gurnani da "ƙas" fiye da sau ɗaya, ko ka taɓa filogi ka ji zafi, ka zare ta daga wuta, ka kira mai gyaran wuta ya auna maka soket ɗin a lokacin tashi, kuma ka ce ya rubuta maka lambobin a takarda kafin ka biya kuɗin wani kwamfireson.